Yadda Ake Taƙaita Rubutattun Hirarraki Zuwa 'Yan Jigogi, Kowane Jigo da Gajeren Tsakure Ɗaya

Wanda ya gama ɗaukar hirarraki, ya kuma sauke su daga rikoda zuwa takarda, yakan tarar da shafuka masu yawa a gabansa, alhali abin da malamin da ke duba aikinsa ko shugaban ofishinsa yake jira bai wuce shafi ɗaya ko biyu ba. Aikin da ke tsakanin tarin shafukan nan da wannan shafi guda shi ne a fitar da jigogi uku ko huɗu waɗanda suka amsa tambayar binciken, sannan a kafa wa kowane jigo shaida da gajeren tsakure ɗaya daga bakin waɗanda aka yi hirar da su. Tsarin da aka fi bi a jami'o'i shi ne wanda Virginia Braun da Victoria Clarke suka shimfiɗa a shekarar 2006 cikin matakai shida, kuma abin da ke tafe bai yi nisa da nasu ba, sai dai an karkata shi ga mai aiki da hirarrakin Hausa wanda ke neman gajeren sakamako.

Domin maganar ta tsaya a kan abu guda, za a bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe. Misalin na koyarwa ne, an tsara alƙalumansa da kalamansa ne don a nuna aikin. A ɗauka wata ɗaliba a Jami'ar Bayero ta yi hira da mutum 12 a kasuwar Kantin Kwari, masu shago 8 da yaran shago 4, kowace hira ta ɗauki kimanin minti 40. Tambayarta ita ce yadda karɓar kuɗi ta taransifa ya sauya ciniki tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, bayan da Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, ya kuma sa ranar 31 ga Janairu a matsayin wa'adin daina karɓar tsofaffin, kafin a ƙara wa'adin zuwa 10 ga Fabrairu. Idan kowace hira ta ba da kalmomi kusan 5,000, to a gabanta akwai kalmomi 60,000, kuma tsakuren da za su shiga rahoton gaba ɗaya ba za su kai kalmomi 100 ba.

Shirya takardun kafin a fara karatu

Abu na farko shi ne a cire sunayen mutane, a ba kowace hira lamba: H1, H2, har zuwa H12. Takardar da ke nuna wace lamba ce ta wane mutum a ajiye ta daban, ba cikin jakar da hirarrakin suke ba, domin Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta shafi irin waɗannan bayanai, kuma ko ba doka, an ɗauki alƙawari ga mutanen da suka yarda suka yi magana.

Na biyu shi ne a sa wa layuka lamba. A manhajar Word ana shiga Layout, sai Line Numbers, sai a zaɓi Continuous. Amfanin wannan yana fitowa ne daga baya, lokacin da aka ɗauko jimla aka kai ta wani waje, sannan aka buƙaci komawa a ga abin da ya gabace ta. Idan an rubuta H5, layi 212, komawar ba ta wuce daƙiƙa kaɗan ba, idan kuwa ba a rubuta ba, sai a ɓata yini ana lalube. Da zarar an sa lambobin, kada a sake sauya girman rubutu ko faɗin shafi, saboda layukan za su goce, lambobin da aka riga aka kwafa su daina dacewa.

Akwai kuma matsalar baƙaƙe masu lanƙwasa, wadda mai aiki da hirar Turanci bai san da ita ba. Idan mutum biyu ne suka sauke hirarrakin, wataƙila ɗaya ya rubuta "kuɗi", ɗayan ya rubuta "kudi", wani lokaci ma "ku'di". Mai nema da Ctrl+F zai ga kashi ɗaya ne kawai, ya zaci ya ga duka. A daidaita rubutun kalmomin da suka fi maimaituwa tun yanzu, amma daidaita ƙa'idar rubutu kawai ake nufi. Karin harshen mai magana, da kalmomin aro da ya jefa, da maimaicinsa, duk a bar su yadda suka fito.

Karatun farko

A karanta hirarrakin duka, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ja wa komai layi ba. Bayan kowace hira a rubuta jimla uku ko huɗu a littafi: abin da mutumin ya fi damuwa da shi, abin da ya ba da mamaki, da yanayin da aka yi hirar. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci a misalinmu, domin yaron shagon da aka yi wa tambaya maigidansa na zaune a kan dila a gefensa ba zai faɗi abin da zai faɗa a wurin mai shayi ba, kuma rubutacciyar hirar ba za ta nuna maigida yana wajen ba sai mai binciken ta rubuta hakan da kanta.

A wannan karatun ne ake gane inda ainihin magana take farawa. Ɗan kasuwar Kano da aka tambaya yaya kasuwa zai ce sai godiya, ko ya ce ba laifi, ko da kuwa tun safe bai yi ciniki ba. Wanda ya ƙirga irin waɗannan amsoshi ya rubuta cewa mutum 11 cikin 12 sun gamsu da yanayin kasuwa, gaisuwa ya ƙirga. Maganar da ake nema takan zo ne bayan "sai dai kuma", ko bayan "ni dai a nawa ganin", ko a lokacin da mutum ya shiga ba da labarin wani ciniki da ya faru da shi.

Sa wa maganganu laƙabi

Karatu na biyu shi ne mai cin lokaci. Ana bin hira layi-layi, duk inda mai magana ya faɗi abin da ya taɓa tambayar binciken, sai a ɗauko wajen a sa masa gajeren laƙabi na 'yan kalmomi. Ba sai an sayi manhaja irin NVivo ba. Ga hira 12, Excel ya wadatar, da ginshiƙai huɗu kamar haka:

| Mai magana | Layi | Laƙabi | Tsakure |
|---|---|---|---|
| H5 | 212 | riƙe kaya sai kuɗi ya shigo | ba na ɗaure kaya sai na ga ya shigo nawa |
| H2 | 88 | alat na bogi | ya nuna min alat, ashe babu komai |
| H11 | 140 | maigida na gani daga gida | ko bai fito ba ya san abin da aka sayar |

Laƙabi mai kyau yana ɗauke da aiki a cikinsa. "Sabis" ba ya gaya wa kowa komai, amma "kwastoma na jira saboda sabis" ya riga ya faɗi wane ne abin ya shafa da yadda ya shafe shi. Gara kuma a tsaya kusa da kalmomin mutanen a wannan mataki, a bar manyan kalmomin makaranta sai an zo haɗa jigogi, domin wanda ya yi saurin rubuta "rashin yarda da fasaha" a kan duk wani ƙorafi ya riga ya yanke hukunci kafin ya gama jin shaidu. Tsakure ɗaya yana iya ɗaukar laƙabi biyu, sai a maimaita shi a layi biyu.

Bayan hira uku ko huɗu na farko, a tsaya a duba jerin laƙubban. Za a tarar da waɗanda abu ɗaya suke nufi da suna daban, kamar "alat na bogi" da "rasit na ƙarya" da "hoton taransifa", sai a haɗe su ƙarƙashin suna guda, a koma a gyara na baya. Haka kuma idan wani sabon laƙabi ya ɓullo a hira ta tara, wajibi ne a koma hirarrakin farko a duba ko akwai shi a can an tsallake, domin ido ba ya ganin abin da bai riga ya san sunansa ba. A misalinmu, a ce ɗalibar ta ƙare da layuka kusan 300 da laƙubba 40. Idan laƙubban sun haura 100, ana yanka maganar ƙanana da yawa. Idan ba su kai 15 ba, mai yiwuwa tambayoyin hirar kawai aka mayar laƙubba.

Daga laƙubba zuwa jigogi

Nan ne mafi yawan ayyuka suke lalacewa, don haka ya kamata a dakata a kansa. Wanda ya yi karatun adabi ya saba da faɗin jigo da kalma ɗaya, kamar jigon yabo ko jigon faɗakarwa, kuma wannan ya isa a can. A nazarin hira bai isa ba. Idan ɗalibar ta rubuta cewa jigoginta su ne "Matsalolin taransifa", "Amfanin taransifa" da "Shawarwari", to kanun magana ta jera, waɗanda kowa zai iya rubutawa tun kafin a taka ƙafa a Kwari. Jigo a nan cikakkiyar jimla ce mai faɗin wani abu da aka gano, wadda wani zai iya musantawa, a kuma kawo masa shaida. Gwajin yana da sauƙi: a karanta wa wanda bai ga hirarrakin ba, idan ya ce "to me aka ce game da shi?", kan magana ne, idan ya ce "ashe?" ko "anya?", an sami jigo.

Hanyar da ta fi aiki ita ce ta hannu. A rubuta kowane laƙabi a ƙaramar takarda, a baza su a kan tabarma ko tebur, a riƙa matso da waɗanda suke bayyana abu ɗaya kusa da juna, ana tambaya game da kowane tari: mene ne ya haɗa waɗannan, ban da cewa duk a kan taransifa suke? A misalinmu, "alat na bogi", "kwastoma na jira saboda sabis", "riƙe kaya sai kuɗi ya shigo", "an cire wa mai saye bai shigo wa mai sayarwa ba" da "aika yaro ya duba asusu" sun taru waje guda. Da farko za a so a kira tarin "matsalar sabis", amma alat na bogi ba laifin sabis ba ne, aikin ɗan damfara ne. Abin da ya haɗa su duka shi ne cewa lokacin da ake ɗauka an biya ya sauya: da, miƙa kuɗi hannu da hannu shi ne ƙarshen ciniki, yanzu kuwa akwai tazara tsakanin turawa da shigowa, kuma duk waɗannan laƙubba suna bayanin yadda ake rayuwa cikin wannan tazara ne. Jigo na farko sai ya zama: "Ciniki ba ya ƙarewa da tura kuɗi, sai mai shago ya ga shigowarsu a asusunsa, don haka jira ya zama ɓangaren ciniki."

Tari na biyu ya ƙunshi "maigida na gani daga gida", "an daina ƙirga ciniki da yamma", "yaro ba ya riƙe kuɗi" da "rarar da yaro ke samu ta ragu". A nan masu shago suna magana da jin daɗi, yaran shago suna magana da ƙorafi, kuma kuskuren da ake yi shi ne a raba su, a kai na masu shago ƙarƙashin amfani, na yara ƙarƙashin matsala. Abu ɗaya suke bayyanawa daga fuska biyu, saboda haka jigo ɗaya ne: "Shigar kuɗi kai tsaye asusun maigida ta sauya amanar da ke tsakaninsa da yaransa." Tari na uku ya ba da: "Manyan kuɗi sun koma banki, amma ƙananan biya, na ɗan dako da mai abinci da la'adar dillali, sun tsaya a tsaba, har mai shago yana biyan caji don ya sami takardun naira."

Saura tarin da ba su shiga ko'ina ba: tashin farashin dala, haraji, tsoron gobara, cunkoson hanya. Mutane sun yi magana a kansu sosai, watakila ma fiye da yadda suka yi a kan taransifa, amma ba su amsa tambayar binciken ba. A kwashe su zuwa wani shafi daban, a ambace su da jimla ɗaya a rahoto idan akwai buƙata. Jigo uku zuwa biyar ya ishi hira 12. Wanda ya fito da tara bai gama haɗawa ba. Braun da Clarke sun daɗe suna sukar al'adar rubuta cewa jigogi sun fito da kansu daga bayanai, kuma suna da gaskiya, domin mai nazari ne ya zaɓi haɗa alat na bogi da jinkirin sabis, wani zai iya raba su, saboda haka ya kamata ya iya faɗin dalilinsa idan an tambaye shi a wurin kare aiki.

Gwada kowane jigo

Kafin a je neman tsakure, a auna nauyin kowane jigo ta hanyar ƙirga mutane, ba yawan ambato ba. Wannan umarni a Excel yana ƙirga layukan da ke ɗauke da wani laƙabi:

```
=COUNTIF(C:C,"alat na bogi")
```

Idan ya ba da 19, ba a san ko mutum 10 ne suka faɗa ba ko kuwa mutum ɗaya ne da aka taɓa damfara ya maimaita labarinsa sau 12. Don haka a tace ginshiƙin laƙabi da Filter, a duba ginshiƙin mai magana, a ƙirga lambobin da suka bambanta. A ce jigo na farko ya sami mutum 10 cikin 12, na biyu masu shago 6 da yara 3, na uku mutum 8. A rubuta su haka, mutum kaza cikin kaza, kada a mayar da su kashi cikin ɗari, domin cewa kashi 83 cikin 100 na 'yan Kwari suna riƙe kaya yana ba mai karatu hoton ƙidayar da ba a yi ba.

Daga nan a nemi wanda ya saɓa, da gangan. Mutum biyun da ba su shiga jigo na farko ba, me suka ce? A ce ɗaya bai taɓo maganar ba sam, ɗayan kuwa, H9, ya ce shi yana sakin kaya ga kwastomominsa na Maraɗi da Damagaram da ya shekara goma yana hulɗa da su, ko kuɗin bai shigo ba. Wannan ba ya rushe jigon, amma yana nuna cewa jimlar ta yi faɗi. Idan aka koma wa sauran goman, za a iya tarar da cewa duk labaran riƙe kaya a kan baƙin fuska suke. Sai a gyara jigon ya zama: "Ga baƙon fuska, ciniki ba ya ƙarewa da tura kuɗi, sai mai shago ya ga shigowarsu, tsohon kwastoma kuwa tsohuwar amana ce ke tsaya masa." Jimlar ta fi ta farko tsawo, ta kuma fi ta gaskiya.

Gwaji na ƙarshe shi ne a duba wa ya fara furta kalmar. Idan mai tambaya ce ta ce "wato kana ganin an rage muku amana ke nan?", yaron ya ce "e, haka ne", to maganarta ce ya mayar mata, kuma a al'adar da ake jin nauyin musanta baƙo, irin wannan "haka ne" ba ya zama shaida. A cire duk layukan da suka samo asali daga irin wannan tambaya, a sake ƙirgawa.

Zaɓen tsakure

Sai yanzu ake zaɓen tsakure, bayan jimlar jigo ta zauna. Wanda ya fara da tsakuren da ya burge shi, sannan ya gina masa jigo, yakan ƙare da rahoton da ke bin mutumin da ya fi iya magana. Ga kowane jigo a fitar da 'yan takara uku zuwa biyar daga shafin Excel, a koma asalin hirar a karanta layi goma kafin kowanne da layi goma bayansa. Ga ukun da ke gaban ɗalibar a jigo na farko.

H2 ya ce: "Wallahi sabis ɗin nan ya ishe mu." Akwai zafi a cikinsa, amma ƙorafi ne kawai, bai nuna abin da mai shago yake yi ba, kuma zai dace da kowace magana a kan waya.

H7 ya ce: "Ai gani ya kori ji." Wannan ne zai fi jan hankalin marubuci, domin gajere ne kuma yana da daɗin ji. Matsalarsa ita ce karin magana na kowa ne. Idan aka raba shi da labarin da ya jawo shi, mai karatu ba zai san abin da aka gani ko aka ji ba, sai marubucin ya yi masa bayani, alhali tsakuren ne ya kamata ya tallafi bayanin.

H5, a layi 212, ya ce: "To, ka gane ko, ni dai yanzu, wato idan ban san mutum ba, ko ya nuna min a wayarsa an tura, an tura, ba na ɗaure kaya, ba na ɗaurewa, sai na ga ya shigo nawa, ka gane, shi ne magana." Ba shi da ado, amma yana ɗauke da sassan jigon duka: baƙon fuska, shaidar turawa da ba ta wadatar ba, da aikin da ake dakatarwa. Shi ne za a ɗauka. Ma'aunin shi ne a rufe jimlar jigon da hannu, a karanta tsakuren shi kaɗai, a ga ko mai karatu zai iya hasashen jigon daga gare shi.

Sauran aikin shi ne gyaran fuska, kuma yana da iyaka. An yarda a cire "ka gane ko" da "wato" da maimaici, a sa ɗigo uku inda aka tsallake kalmomi a tsakiya, a kuma saka kalmar da ta zama dole cikin baka mai kusurwa don a san ba daga bakin mai magana ta fito ba. Tsakuren H5 sai ya koma: "Idan ban san mutum ba, ko ya nuna min a wayarsa an tura … ba na ɗaure kaya … sai na ga [kuɗin] ya shigo nawa." Tsawon da ya dace shi ne jimla ɗaya ko biyu, kalmomi 15 zuwa 30. Abin da ba a yarda ba shi ne a mayar da "min" zuwa "mini" don kyan rubutu, ko a haɗa rabin jimla daga layi 212 da rabi daga layi 400 kamar a numfashi ɗaya aka faɗe su, ko a yanke kalmar da ke riƙe da ma'ana. Idan wani ya ce "da ina cewa taransifa ta fi sauƙi, amma yanzu na dawo daga rakiyarta", aka ɗauko "taransifa ta fi sauƙi" kawai, kowace kalma tasa ce, amma an yi masa ƙarya. Kalmomin da ya kamata a yi hattara kafin a yanke su ne "da", "amma", "sai dai", "wai" da "an ce", domin biyun ƙarshe suna nuna cewa mutumin jita-jita yake kawowa, ba abin da ya gani ba. Idan rikodin yana nan, a saurari wajen kafin a tsayar da shawara, saboda gatse ba ya fitowa a rubuce.

Jigo na biyu yana da wahala ta daban, tunda murya biyu ce a cikinsa kuma tsakure ɗaya aka yarda a kawo. A ganina, a irin wannan hali gara a nemi tsakuren da ya nuna sauyin kansa ba tare da ya yaba ko ya kushe ba, kamar na H11, yaron shago: "Ko bai fito ba ya san abin da aka sayar, tun kafin in rubuta a littafi wayarsa ta gaya masa." Jimlolin bayanin da ke biye sai su ɗauki nauyin faɗin cewa masu shago 6 sun ga hakan a matsayin kwanciyar hankali, yara 3 kuma a matsayin ragin amana. Haka nan a duba tsakuren uku tare: idan duka daga bakin H5 suka fito, a sauya ɗaya ko biyu, kuma a tabbata akwai muryar yaron shago ko da guda.

Sai batun ɓoye mai magana. Cire suna bai isa ba a kasuwar da kowa ya san kowa. Tsakuren da ya ambaci gidan da shagon yake, ko irin shaddar da mutum ya shahara da ita, ko adadin kuɗin da aka damfare shi a wata rana da 'yan layi suka sani, ya riga ya faɗi sunansa. Haɗarin ya fi yawa ga yaran shago, waɗanda abincinsu ke hannun mutumin da suke magana a kansa. A ƙarƙashin tsakure a rubuta lamba da matsayi kawai, kamar "H11, yaron shago", idan kuma tsakuren ba zai ɓoyu ba, a ɗauki wanda ke bi masa a kyau.

Idan da Turanci za a miƙa rahoton, a yi dukkan nazarin da Hausa, a fassara tsakuren da aka zaɓa kawai a ƙarshe, a kuma ajiye Hausar a samansu ko a rataye, domin mai duba aikin da ke jin harshen ya iya auna fassarar da kansa.

Rubuta shafin

Kowane jigo yana samun sakin layi ɗaya mai sassa huɗu a jere: jimlar jigon, jimla biyu ko uku na bayani tare da yawan mutanen da suka faɗa, tsakuren da lambarsa, sannan wanda ya saɓa idan akwai. Jigo na uku a misalinmu zai fito kamar haka. Manyan kuɗi sun koma banki, amma ƙananan biya sun tsaya a tsaba. Mutum 8 cikin 12 sun bayyana cewa kuɗin dila da na turame masu yawa ta taransifa suke shigowa, alhali ɗan dako da mai abinci da dillali a hannu ake sallamarsu, har mai shago yakan je wurin masu cirar kuɗi ya biya caji don ya sami abin sallamar. "Na yi cinikin miliyan a waya, amma ɗari biyar ɗin ɗan dako sai na je na sayo ta" (H3, mai shago). Mutum ɗaya ya ce 'yan dakon da yake hulɗa da su sun buɗe asusu, yana tura musu a ƙarshen yini.

Kada a sake fassara tsakuren da wasu kalmomi bayan an kawo shi, kuma kada a jera jigogin bisa tsarin tambayoyin hira. A fara da wanda ya fi amsa tambayar binciken. A saman shafin a sa jimla biyu da ke faɗin mutum nawa aka yi hira da su, su wane ne, a ina, kuma a wane wata, domin hirar da aka yi a watan Fabrairun 2023 da wadda aka yi bayan shekara biyu ba za su ba da amsa ɗaya ba.

Idan da hali, kafin a miƙa aikin a koma Kwari a karanta wa mutum biyu ko uku daga cikin waɗanda aka yi hira da su jimlolin jigogin, ba tare da tsakuren ba, don kada su gane muryar maƙwabcinsu. A zaɓi lokacin da kasuwa ba ta cika ba, a kuma sami yaron shago shi kaɗai. Ba izininsu ake nema ba, kuma ba dole ne a sauya jigo don wani bai ji daɗinsa ba, amma idan mutum biyu suka ce an bar wani sharaɗi, misali cewa riƙe kaya ya fi tsananta da yamma lokacin da motocin ƙauye ke shirin tashi, sai a koma shafin Excel a duba ko hirarrakin sun goyi bayan hakan. Idan sun goya, a ƙara shi a jimlar bayani. Idan babu shi a cikinsu, a rubuta shi daban a matsayin abin da aka ji a zagaye na biyu, tare da kwanan watan da aka ji shi.